Yadda Ake Ƙiyasta Hauhawar Matsi Idan An Rufe Bawul Farat Ɗaya a Dogon Bututu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babban bututun ruwa a lokacin da aka datse bawul da gaggawa ya san ƙarar nan mai kama da dukan guduma, wadda takan sa bututun girgiza a kan mazauninsa. Dalilinta shi ne ruwan da ke gudu yana da nauyi, kuma idan aka tare shi ba shiri, ruwan da ke bakin bawul ɗin yakan matsu, bangon bututun ya ɗan kumbura, sannan wannan matsi ya bi bututun baya kamar igiya har ya kai tankin da ruwan ya fito. Masanin ƙasar Rasha Nikolai Joukowsky ya gwada haka a bututun ruwan birnin Mosko, ya kuma gabatar da sakamakonsa a 1898. Lissafinsa ne za mu bi a nan da misali guda: bututun ƙarfe mai tsawon mita 3,000, faɗin cikinsa milimita 500, kaurin bangonsa milimita 8, yana ɗaukar lita 300 a sakan daga tanki zuwa bawul, geji kuma yana nuna matsin bar 6 a bakin bawul ɗin.

Da farko a nemo saurin ruwan, ta hanyar raba yawan ruwan da ke wucewa da girman filin bakin bututun. Bakin bututu mai faɗin rabin mita ya kai murabba'in mita 0.196, lita 300 kuwa ita ce 0.3 a ma'aunin kubik mita, saboda haka ruwan yana tafiyar kusan mita 1.5 a sakan. Tafiyar mutum ce mai ɗan hanzari, kuma shi ya sa mutane da yawa ke raina haɗarin.

Mataki na biyu shi ne saurin igiyar matsin, kuma a nan ne ya kamata a natsu, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. A cikin ruwan da babu abin da ke motsawa a gefensa, igiyar tana gudun kusan mita 1,480 a sakan, wato saurin sauti a ruwa. Amma bangon bututu yana miƙewa idan matsi ya same shi, kuma gwargwadon miƙewarsa gwargwadon yadda igiyar ke rage gudu:

```
a = 1480 / √(1 + (K × D) / (E × e))
```

A nan K taurin ruwa ne, kimanin 2.2 GPa, E taurin abin da aka ƙera bututun da shi, kimanin 200 GPa ga ƙarfe, D faɗin ciki, e kaurin bango. Dole D da e su kasance a ma'auni ɗaya. A misalinmu, 2.2 sau 500 ya ba da 1,100, sannan 200 sau 8 ya ba da 1,600, rabonsu 0.69. Idan aka ƙara 1 aka ɗauki tushensa za a sami 1.3, igiyar ke nan tana gudun kusan mita 1,140 a sakan. Da bututun roba ne na PVC, wanda taurinsa bai wuce 3 GPa da yawa ba, mai faɗin da ya ninka kaurinsa sau 20, da saurin ya sauko ƙasa da mita 400. Kada a yi saurin cewa roba ta fi, domin matsin da take iya jurewa shi ma yakan yi ƙasa.

Kafin a lissafa matsin, sai a tantance ko rufewar ta cancanci a kira ta farat ɗaya. Igiyar tana zuwa tanki ta dawo da sassauci, kuma lokacin zuwa da dawowar shi ne ninki biyu na tsawon bututu a raba da saurin igiya: mita 6,000 a raba da 1,140, wato sakan 5.3. Duk rufewar da ta kammala kafin cikar wannan lokaci, ko a sakan 1 ko a sakan 5, cikakken bugu za ta haifar a bakin bawul, domin sassaucin bai riga ya iso ba. Da tsawon bututun kilomita 30 ne, mai aikin da ya shafe sakan 50 yana juya sitiyarin bawul, yana ganin ya bi a hankali, a wurin ruwan rufewar gaggawa ya yi.

Sai lissafin kansa:

```
ΔP = ρ × a × ΔV
ΔH = a × ΔV / g
```

Nauyin ruwa ρ kilo 1,000 ne a kubik mita, ΔV kuwa saurin da aka kashe, wanda a cikakkiyar rufewa shi ne 1.5 ɗin gaba ɗaya. An sami 1,710,000 Pa, wato kusan bar 17, daidai da tsayin ruwa mita 174 idan an raba a × ΔV da g, ƙarfin jan ƙasa, wanda yake 9.81. Wannan ƙari ne a kan bar 6 da ke nan tun farko, jimilla bar 23. Idan bawul ɗin da mahaɗan bututun suna ɗauke da hatimin PN16, wato an ƙera su don aiki a matsin bar 16, an zarce matsin aikinsu da bar 7. Abin lura shi ne tsawon bututu bai shiga wannan lissafi ba; aikinsa kawai ya faɗi tsawon lokacin da bugun zai daɗe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a nan. Bayan sakan 5.3 igiyar tana juyewa ta zama faɗuwar matsi mai girma iri ɗaya, kuma idan aka cire 17 daga 6 za a sami 11 ƙasa da sifili, abin da ruwa ba zai iya ba. Da zarar geji ya kusa bar 1 ƙasa da sifili sai ruwan ya tsinke, tururi ya cika gurbin, musamman a wuraren da bututun ya hau tudu. Idan sassan biyu suka sake haɗuwa, karonsu na iya wuce bugun farko, kuma lissafin Joukowsky ba ya iya faɗin girmansa. Alamarsa a wurin aiki ita ce ƙara ta biyu mai kaifi da ke zuwa bayan ɗan shiru. Geji mai allura ba abin dogaro ba ne a nan, domin bugun yakan wuce kafin allurar ta kai inda ya kai.

Idan an ga haka, magani mafi arha shi ne tsawaita rufewa. Ga rufewar da ta fi sakan 5.3, ana ƙiyasi da lissafin Michaud:

```
ΔH = 2 × L × V / (g × t)
```

A nan L tsawon bututu ne, V saurin ruwa, t kuma lokacin rufewa. Rufewar sakan 60 za ta ba da kimanin mita 15, wato bar 1.5 kacal. Sai dai lissafin ya ɗauka cewa ruwan yana raguwa daidai wa daida tun daga juyin farko, alhali bawul mai ƙyaure ba ya tare ruwa sosai a dogon bututu sai ya kusa ƙarshen tafiyarsa. Idan aka ɗauka cewa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshe ne ke aikin, ainihin lokacin sakan 12 ne, ƙarin kuma ya koma mita 76. Don haka umarnin da za a bai wa mai kula da bawul shi ne ya yi juyin farko yadda ya saba, amma juyin ƙarshe ya shimfiɗa su a kan sakan 60 ɗin gaba ɗaya.