Sau uku a mako: inda masu shago ke kuskure wajen tsara abin da za su saka a Facebook da Instagram

Ƙanwata tana da shagon atamfa da leshi kusa da Kasuwar Barci a Kaduna. Sau uku kacal take samun sukunin saka kaya a Facebook da Instagram a mako, kuma da na leƙa shafinta sai na tarar duka ukun magana ɗaya ce: "Sabbin kaya sun iso." Wannan kuskuren na fi gani a wurin masu shago. Wadda ta ga na Litinin ta riga ta san na Laraba, sai ta wuce abinta.

Da muka zauna, takarda muka raba gida uku, kowace rana da aikinta. Litinin ta kaya ce: turmi ɗaya, hoto a hasken rana, da farashi a rubuce. Ta so ta ɓoye farashin don kada maƙwabta su karya mata, na ce maƙwabta ai sun riga sun sani, mai saye ce kaɗai ake bari a duhu. Laraba kuma ta amsa tambayar da aka fi yi mata a shago, kamar ko yadi shida zai isa riga da zane da ɗankwali, ko yadda ake gane atamfar da ke zuba. Asabar ta nuna ɗinkin da wata ta yi da kayanta, bayan ta nemi izininta.

Sai batun lokaci, wanda ya fi cin mutane ba su sani ba. Atamfa ba abinci ba ce, sai ta bi ta hannun tela. In kika saka kayan Sallah a shafinki saura kwana biyar, teloli sun daina karɓar ɗinki. Ki ƙirga baya daga ranar da za a sa kayan, ki bar aƙalla mako uku. Haka kuma Kaduna gari ne na ma'aikata, saboda haka leshi mai tsada ya jira makon albashi, tsakiyar wata a fito da mai sauƙin kuɗi.

Kada a ɗauki hoto ranar da za a saka. Ranar ce za a cika shago, a manta. Ita yanzu Lahadi da safe take ɗaukar duka ukun, ta jera su a Meta Business Suite, manhajar da ake sa wa kowane lokacin fitarsa, su fita da kansu. Status na WhatsApp kuwa kada a lissafa shi cikin ukun, bayan awa 24 ya ɓace.

A bayan takardar tana rubuta mutum nawa suka yi mata magana a kan kowane, nawa suka saya. Yawan masu danna alamar so ba ta ƙirga shi. Sai an yi mako huɗu ake taɓa jadawalin, kuma rana ɗaya ake sauyawa, don a gane wace ce ta kawo bambancin.