Kurakuran da muke yi wajen soya man shanu

Man shanun da kika soya ya fara wari bayan sati biyu, ko kika buɗe kwalba kika ga fumfuna a sama, yawanci ba laifin mai nono bane, ruwa ne ya rage a ciki. Ɗanyen man shanu ai ba mai bane zalla, ko na kanti da ake naɗewa a takarda wajen kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran ruwa ne da ɗan nono, balle na Fulani da ake dunƙulawa a jefa cikin ƙwarya. Aikin suyar kenan gaba ɗaya, a kori ruwan nan.

Kuskuren farko tun kafin a kunna wuta ake yinsa, a siyo daga kasuwa a juye a tukunya haka nan. Ki wanke shi tukuna da ruwa mai sanyi, kina murzawa da ludayi kina zubarwa, sau biyu ko uku har ruwan ya daina fitowa fari. Tsamin nono ne kike cirewa. Mu nan Jos sanyi na taimakonmu, man baya narkewa yana bin ruwa, amma in ana zafi ki ɗan sa ƙanƙara.

Sai wuta. Mutane na buɗe gas sosai wai suna sauri, kumfa ta taso ta zube, ƙasa ya ƙone alhali ruwan bai gama fita ba. Tukunya mai kaurin gindi ake so, man kar ya wuce rabinta, wuta ƙasa ƙasa, kuma kar a rufe. Na sha ganin masu ɗora murfi saboda fantsama, toh tururin da kike kora shi ne zai taru a murfin ya koma ciki, kinga aikin banza kenan.

Inda aka fi faɗuwa shi ne sanin ya yi. Ce kin ɗora kilo ɗaya. Zai narke ya yi dagwalo kamar kunu, farar kumfa ta rufe sama, sai ya fara tafasa da ƙara ɓal ɓal ɓal, wannan ƙarar ruwa ne ke fita, muddin kina jinta bai yi ba ko da ƙamshi ya cika gida. Da yawa a nan suke saukewa. Ki bari, kina ɗan juyawa jefi jefi, wajen minti 25 zuwa 40 ya danganta da ruwan da ke ciki da faɗin tukunya, ni dai bana bin agogo kunne nake bi. Za ki ji ya yi shiru, ƙwayoyin tafasar sun koma ƙanana, in kika ture kumfa da cokali kina hango gindin tukunya tar, gutsi-gutsin nonon sun kwanta sun yi launin soyayyar gyaɗa. Sauke nan take. Tsakanin nan da ƙonewa minti ɗaya zuwa biyu ne, kuma tukunya na ci gaba da dafa shi ko a ƙasa. In sun yi baƙi man zai yi ɗaci da ƙauri, wannan kam babu gyara, sai dai ki haɗa da man gyaɗa a miya ki rufa wa kanki asiri. Kar ki yi mamaki in kilo ɗayan nan ya dawo gram 750, na Fulani ma ya kan gaza haka.

Masu sa albasa, albasa ma ruwa gareta. Ki yanka sirara ki jefa bayan kumfar farko ta lafa, ki jira ta soyu ta yi ja ƙayau, sannan ki tace ta fita tas. Barinta a kwalba shi ke jawo fumfuna.

Ki bari ya huce kamar minti 10, ki tace da farin ƙyalle mai tsafta a kan rariyar ƙarfe, cikin kwalbar gilashi da ta bushe ƙarƙaf, ba wadda aka ɗauraye yanzu aka girgiza ba. Kar ki rufe sai ya huce gaba ɗaya, in ba haka ba murfi zai yi gumi. A ajiye a kabad nesa da rana da murhu, ya kan yi wata uku lafiya, a firij kuma har shekara. Cokalin da ya shiga miyar kuka ko ya taɓa tuwo kar ya kusanci kwalbar, gara ki ɗiba a ƙaramar kwalba ta yau da kullum ki rufe babbar.

In kin riga kin sauke da wuri, kika ga ruwa ruwa ya kwanta a ƙasan kwalba amma bai fara wari ba, maida shi wuta ki ƙarasa. Daskarewa da yake yi da tsaki tsaki lokacin hunturu kuwa ba lalacewa bace, sanyin Jos ne kawai, ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi zai saki.