Fawa bank a jirgin sama: kurakuran da ke sa a ƙwace shi a filin jirgi

An yarda ka shiga jirgi da fawa bank, amma a jakar hannu ko a aljihu kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa shi cikin babban akwati a tura awon kaya, wai don kada masu bincike su dame ka. Wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idar ICAO da IATA, wato hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, ta hana, domin a wurinsu fawa bank batirin litiyam ne tsirara.

Dalilin wuta ne. Idan batirin litiyam ya matse, ko ya huje, ko wayoyinsa suka haɗu, sai ya fara ɗaukar zafi, zafin ya ƙara haifar da wani zafin, har ɗaya daga cikin ƙananan batiran da ke ciki ya kama, ya kunna na kusa da shi. Idan a tsakiyar fasinjoji abin ya faru, wani zai ji ƙauri ko ya ga hayaƙi, ma'aikata su kashe harshen wutar, su yi ta zuba ruwa har batirin ya huce. A ɗakin kaya na ƙasan jirgi kuwa babu mai gani, kuma iskar kashe gobarar da ke wurin ba ta sanyaya batiri. Shi ya sa ko a ƙofar jirgi aka karɓi jakar hannunka don wuri ya cika, ka buɗe ka cire fawa bank ɗinka tukuna.

Kuskure na biyu ya fi shafar mu, mu da rashin wutar lantarki ya koya wa sayen manya. Mutum yana duba lambar mAh, alhali da Wh ake aunawa, wato yawan ƙarfin da batirin ya tara, wanda shi ne gwargwadon girman wutar da zai tayar idan ya kama. Har zuwa 100 Wh ba ka buƙatar izini. Daga nan zuwa 160 Wh sai kamfanin jirgin ya amince, kuma kada su wuce biyu. Abin da ya haura 160 Wh ba ya shiga kayan fasinja ko kaɗan.

Lissafin ba wuya:

```
Wh = mAh × V ÷ 1000
```

Yawancinsu batirin ciki 3.7 V ne, kuma da shi ake lissafi, ba da 5 V ɗin da aka rubuta kusa da ramin caji ba. Ɗauki alhajin da zai tafi Umara da guda biyu. Mai 20,000 mAh ya ba da 74 Wh, ya wuce lafiya. Mai 30,000 mAh kuwa 111 Wh ne, ya tsallake iyaka, sai ya nemi izinin kamfani tun kafin ranar tafiya, ba a kan layin bincike ba. Da mai 50,000 mAh ya ɗauko, 185 Wh ke nan, babu roƙon da zai shigar da shi. A taƙaice, 27,000 mAh ne bakin iyakar wanda ba ya buƙatar izini. Ni shawarata mai 20,000 ya ishi matafiyi.

Ka kuma duba rubutun jikinsa. Idan ya goge, jami'i ba zai karɓi bakinka ba, yana iya riƙe shi. 'Yan kasuwar da ke zuwa Sin su ƙara lura: tun 28 ga Yunin 2025, jiragen cikin gida a can ba sa karɓar wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar, a bayyane.

Sai inda ake ajiye shi bayan an shiga. A 28 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a jirgin Air Busan a filin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da mutum 176 da ransu, jirgin ya ƙone, kuma masu bincike sun karkata ga fawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Bayan haka kamfanoni da yawa suka tsaurara. Emirates, alal misali, tun 1 ga Oktoban 2025 guda ɗaya kawai take yarda da shi, ƙasa da 100 Wh, ba a caji da shi, ba a yi masa caji, ba a sa shi a sama. Don haka ka karanta ƙa'idar kowane kamfani da za ka hau, har da na jirgin da za ka canja a hanya.

Ka ajiye shi inda idonka yake kai, cikin 'yar jakarsa shi kaɗai, kada ramukansa su gogi makulli ko tsaba. Wanda ya kumbura ko yake zafi alhali ba a aiki da shi, ka bar shi a gida. Idan ya faɗa ƙarƙashin kujera, kada ka motsa kujerar don kada ta matse shi, kira ma'aikaciyar jirgi ta ciro maka.