Kurakuran da ke ɓata saƙon ban haƙuri idan kaya suka makara

Kuskuren da ya fi tsada shi ne shiru. Mai kaya ya riga ya san alkawarin ranar Litinin ba zai cika ba, amma sai ya lafe har mai saye ya kira. Da zarar shi ne ya fara tambaya, duk abin da ka faɗa zai ji shi kamar kare kai. Tura saƙo a ranar da ka gano matsalar, ko da ranar alkawari ba ta zo ba.

Sai kuma maganar nan ta "suna hanya, nan ba da jimawa ba". Wannan ba rana ba ce. Mai saye yana son ranar da zai tsara harkarsa a kai, don haka ka ba shi rana takamaimai, ka kuma bar wa kanka sarari. Idan masu kai kaya sun ce Laraba, kai ka ce Juma'a. Ana yafe saɓa alkawari na farko, na biyu ne ke korar mutum. Dalili kuwa jimla ɗaya ta isa, kuma kada ka jibga wa direba laifi, domin ba da shi aka yi ciniki ba.

Inda aka fi zamewa shi ne diyya. Da yawa kan ce "za mu yi muku ragi a sayayya ta gaba". A ganina wannan talla ce, tunda sai mutum ya sake kashe kuɗi kafin ya amfana. Diyya ta fito daga cinikin da aka ɓata, ta kuma yi daidai da asarar. Jinkirin kwana biyu ko uku, mayar da kuɗin kai kaya ya wadatar, don aikin da aka biya ne ba a yi a kan lokaci ba. Amma idan don wata rana ta musamman aka sayi kayan, ranar kuma za ta wuce, ragi ba ya gyara komai, sai dai a ba shi damar fasawa.

A ce an yi alkawarin Litinin, kayan ba za su isa ba sai Juma'a:

"Hajiya, barka da yini. Kayanku ba za su iso ranar Litinin kamar yadda muka yi alkawari ba, mun makara wajen tura su. Laifinmu ne, ku yi haƙuri. Za su iso ranar Juma'a. Yau za mu mayar muku da kuɗin kai kaya. Idan Juma'a ta yi muku nisa, ku sanar da mu, mu mayar da kuɗinku duka cikin kwana 2."

Ka lura babu "idan ranku ya ɓaci" a ciki, ai ya ɓaci. Kuɗin da ka ce yau, tura shi yau tare da shaidar biya, ranar Juma'a kuma ka riga ta tambaya ko kayan sun iso.