Daga "koya" ake samun makoyi da koyarwa

Ga masu koya wa yara nahawu, ga shawara: ku ɗauki saiwa ɗaya a allo, ku yi ta liƙa mata ɗafe-ɗafe har yara su ga dangin kalmar. Saiwar "koy-" tana da sauƙi.

A fara da ɗafa-goshi "ma-". Idan aka ƙare da "-i" sai a sami makoyi, mace kuma makoyiya, jam'i makoya. Haka "rubut-" ke ba da marubuci da marubuciya da marubuta. A nan ne za a tsaya a nuna wa yara cewa "t" ta koma "c" saboda wasalin "i" da ya biyo ta, shi ya sa ba a cewa "marubuti". Ita ma "s" tana komawa "sh", kamar yadda "kashe" ke ba da makashi, amma jam'insa makasa.

Wannan "ma-" ɗin dai tana nuna wuri da kayan aiki: karanta ta ba da makaranta, buɗe ta ba da mabuɗi. Yara sukan rikice a nan, don haka a sa kowace kalma cikin jimla.

Ɗafa-ƙeya kuwa ta fi yawa: koyo, koyar, koyarwa, koyayye, koye-koye.

Amma fa ba kowace saiwa ke karɓar kowane ɗafi ba.  In kunnen Bahaushe bai amince da kalma ba, a goge ta daga allo.