Yadda ake ba abokin ciniki haƙuri idan an yi kuskure a inbois

A shagon fenti da nake riƙe wa lissafi a Kano, wata ranar Litinin na rubuta wa wani ɗan kwangila inbois, wato takardar lissafin kuɗin kaya, na bokiti 40. Mun yi ciniki da shi a kan naira 18,500 kowane bokiti, amma hannuna ya tafi ga farashin ɗai-ɗai, na rubuta 19,500. Bai duba ba, ya tura kuɗi, alat ya shigo. Sai ranar Laraba, ina haɗa lissafin mako, na ga abin da na yi. Da wannan lamari zan nuna matakan da ake bi.

Kafin ka ce wa kowa komai, zauna ka gano girman kuskuren har zuwa naira ta ƙarshe. Ɗauko kwafin inbois ɗin, da takardar da aka fitar da kaya da ita, da saƙon da kuka tsayar da farashi a ciki, ka jera su. A nawa, bokiti 40 a kan 19,500 ya ba da 780,000, alhali a kan 18,500 ya kamata ya zama 740,000. Nan da nan mutum zai ce rarar 40,000 ce, ya ɗauki waya. To ba haka ba ne. Harajin VAT, wanda tun watan Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya, a kan jimillar kuɗin kaya ake lissafa shi, don haka shi ma ya kumbura: na sa masa 58,500 maimakon 55,500. Abin da ya biya 838,500 ne, abin da ya kamata ya biya 795,500, kuɗinsa da ke hannunmu naira 43,000. Da na mayar masa da 40,000 kawai, da sai akawunsa ya gano ragowar 3,000, na sake komawa da wani ban-haƙurin, kuma na biyun ba ya karɓuwa kamar na farko. Ka kuma leƙa sauran takardun da ka rubuta a ranar, ko hannun ya maimaita a wani wuri.

Daga nan sai ka shirya gyaran tun kafin ka yi magana. Kada ka kankare lamba ko ka rubuta wata a kanta da biro. Ja layi biyu a kan tsohon inbois, ka rubuta an soke, ka bar kwafinsa a cikin littafi, ka fitar da sabo mai sabuwar lamba wanda ya ambaci lambar tsohon. Idan akwai maigida, a sanar da shi, a samu izininsa kan mayar da kuɗin, domin kada ka yi alkawarin da ba kai ke da ikon cikawa ba.

Sannan ka kira shi. Babban mutum ko tsohon abokin hulɗa bai kamata ya fara jin maganar kuɗinsa ta rubutu ba. A gaisa yadda aka saba, a tambayi iyali da aiki, sai ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka ce rubutaccen bayani na tafe. Rubutun shi ne abin da zai miƙa wa akawunsa. Ga abin da na tura masa ta WhatsApp, tare da hoton sabuwar takardar:

"Assalamu alaikum, Alhaji, barka da yamma. A inbois mai lamba 0412 na ranar Litinin na yi kuskure: na rubuta bokitin fenti a kan 19,500 maimakon 18,500 da muka yi da kai. Saboda haka ka biya 838,500, alhali 795,500 ne daidai. Rarar naira 43,000 ce, 40,000 kuɗin kaya, 3,000 haraji. Laifina ne, a yi haƙuri. Na soke wancan, ga sabo mai lamba 0431. Gobe kafin azahar, in Allah ya yarda, za mu mayar da kuɗin asusun da ka turo daga ciki, sai dai in ka fi so a cire a kayan da za ka ɗauka gaba. Daga yau zan riƙa gwada farashi da saƙon ciniki kafin takarda ta fita. Na gode."

Duba ka ga "a yi haƙuri" sau ɗaya ya fito, kuma bayan lambobi ya zo. Wannan ne wurin da na fi so a tsaya a kai, domin mu Hausawa bakinmu ya saba da ban-haƙuri, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma idan saƙo ya buɗe da "don Allah don Annabi a gafarce ni, wallahi ban san yadda aka yi ba, kunya ta hana ni barci", mutumin da ke tsaye a wurin gini da leburori a kansa zai karanta layi biyar bai san nawa ake magana ba. Gabansa zai faɗi, ya zaci miliyan ce. Kuma ka ɗora masa aikin lallashinka, dole ya ce ba komai, ya kwantar maka da hankali, alhali shi ne kuɗinsa suka maƙale. Rantsuwa kuwa, tun da ba wanda ya tuhume ka, ita ce ke sa a fara tunanin ko da wani abu a ƙasa.

Akwai kuma kaucewa ta ɗaya gefen. "An samu ɗan kuskure" magana ce da ba ta da mai ita. Haka "yaron shago ne", ko "kwamfuta ce", ko "ka san ɗan Adam ajizi ne". Ajizancin gaskiya ne, amma shi ya kamata ya faɗa maka idan ya ga dama, ba kai za ka riga shi ba. Ko da yaron ne ya rubuta, takardar da sunan shagonku ta fita, sai ka ce "mun yi kuskure", maganar yaro a yi ta a cikin gida. Kalmar "ɗan" ma a cire ta. Naira 43,000 kuɗin yinin leburori da yawa ne.

Idan kuskuren ragi ne, wato kai ne ka bi shi ciko, tsarin saƙon bai canza ba, sai dai kada ka yanka masa ranar biya. Nuna lissafin, haɗa da shaidar farashin da kuka yi, ka tambaye shi lokacin da zai yi masa sauƙi, domin wataƙila ya riga ya kai wa mai gini lissafi a kan tsohuwar lambar. A nan ma haƙuri ɗaya ya isa. Yawan roƙo yana sa ya ji kamar cikon alfarma ce da zai iya hanawa.

Mataki na ƙarshe shi ne cika lokacin da ka ambata da bakinka. Ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya muka tura kuɗin, na aika masa hoton rasit da layi ɗaya: "Alhaji, an tura 43,000, a duba ko ya shigo." Ban sake ba da haƙuri ba. Ya amsa da cewa ya gani, Allah ya yi albarka. Da ya dawo ɗaukar farin fenti bayan mako biyu, ban tayar da maganar ba. Na rubuta takardarsa, na juya masa ita a kan kantar shagon, na ɗora yatsa a kan farashin, muka karanta tare kafin na sa hannu.