Babi na 6: Yadda na'ura ke koyo daga kuskurenta

Ragar jijiyoyi tsarin lissafi ne a cikin kwamfuta, wanda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo. A kowace mahaɗa ta ragar akwai wata lamba da ake kira nauyi. Duk abin da ya shigo, da ita ake ninka shi. Koyon da ake cewa na'ura na yi, gyaran waɗannan lambobin ne kawai.

Mu ɗauki mahaɗa guda ɗaya. A ce manomi ya zuba taki buhu 2, ya samu masara buhu 10. Aikin na'ura shi ne ta lissafo yawan masara daga yawan taki. Ba ta san komai ba tukuna, sai a ba ta kowane irin nauyi don farawa, a ce 3. Ta ninka 2 sau 3, ta ce buhu 6. An samu giɓin buhu 4 ke nan.

Ga yadda take gyarawa. Za ta ninka giɓin da abin da ya shigo, sannan da wata 'yar lamba da mai horar da ita ya zaɓa, wato girman taku. A ce takun 0.1 ne:

4 × 2 × 0.1 = 0.8

Sai ta ƙara 0.8 a kan 3, nauyi ya zama 3.8. Yanzu amsarta 7.6 ce, giɓi ya ragu zuwa 2.4. A zagaye na gaba nauyin zai kai 4.28. Haka za ta yi ta matsawa har ta kusa 5, inda amsa ke fitowa daidai. Da ta zarce, ragewa za ta yi.

Me ya hana a yi babban taku a huta? Gwada 0.6. Nauyi zai yi tsalle daga 3 zuwa 7.8, amsa ta zama 15.6. Garin neman gira an rasa ido: giɓin da yake 4 ya koma 5.6, kuma kowane zagaye ƙaruwa zai yi. Idan aka ga kuskure na hauhawa, takun ake fara dubawa.

Raga ta gaske tana da mahaɗai dubbai ko miliyoyi, jere hawa-hawa. Ana auna kuskure a hawan ƙarshe, a bi da shi baya, kowane nauyi a gyara shi gwargwadon hannunsa a kuskuren. Masu bincike Rumelhart da Hinton da Williams ne suka yayata wannan dabara a 1986.

Wata matsalar ita ce hadda. In misalai sun yi kaɗan, ragar kan haddace su, ta kasa amsa sabo. Shi ya sa ake ware wasu misalan, ba a nuna mata sai ranar gwaji. Ta ci waɗanda ta saba, ta faɗi a waɗanda aka ware? To hadda ta yi, sai a ƙaro misalai ko a rage zagaye.

Aiki: nauyi yana 4.28, taku 0.1. Lissafa amsa, da giɓi, da sabon nauyi.